In Daɗin Tramol Ya Ƙare, Me Ke Ci Gaba da Jan Mutum Gare Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ɗan kabu-kabu ne a nan Sakkwato, shekararsa 24, kuma ya kai shekara huɗu yana shan tramol. Yanzu har mai lamba 225 guda huɗu yake sha a rana. Mun kai shi ƙauye wurin kawunmu, ya yi wata biyu bai sha ba, har ya yi ƙiba. Da ya dawo ko sati bai rufa ba ya koma ruwa. Abin da ya ɗaure mini kai, ya rantse mini da Allah cewa ya daɗe da daina jin daɗinta. To in babu daɗi, me yake nema? Ko dai raina mini hankali yake yi? Daga wani yaya a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kansa, shi kuma Allah ya ba shi lafiya. Ka karɓi rantsuwarsa, gaskiya ya faɗa maka. Wannan magana muna jin ta kullum a ɗakin duba marasa lafiya, daga bakin masu tramol da masu kodin har da masu taba sigari, kuma tana da bayani a ilimin ƙwaƙwalwa. Son abu daban, jin daɗinsa daban, kowanne da sashen da ke kula da shi a ƙwaƙwalwa. A rayuwar yau da kullum tare suke tafiya, shi ya sa muke ɗaukar su abu guda. Ƙwaya ce ke raba su, ta rage wa ɗaya ƙarfi, ta ƙara wa ɗayan.

Bari in fara da sashen so. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da ake kira yankin bentiral tegmental. Jijiyoyin nan suna miƙewa gaba zuwa wani wuri mai suna nukiliyas akumbens, su zuba masa wani sinadari da ake kira dofamin. Wasu rassansu kuma suna isa goshin ƙwaƙwalwa, inda ake auna abu a yanke shawara, da sassan da ke riƙe tunanin wuri da abin da ya taɓa faruwa a cikinsa. Wannan ita ake ce wa hanyar lada. Allah ya halitta ta ne don mu tashi mu nemi abinci da ruwa da aure da zama cikin mutane. A shekarar 1954 wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, suka sa wa ɓera 'yar siririyar waya kusa da wannan yanki, suka ba shi wani madanni da in ya taka zai aika wa wurin ɗan lantarki. Ɓeran ya riƙa takawa babu ƙaƙƙautawa, ɗaruruwan sau cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓeraye suna barin abinci saboda madannin. Daga nan aka ɗauka cewa an gano cibiyar daɗi, daga baya kuma aka laƙaba wa dofamin sunan sinadarin daɗi. Har yau za ka ji ana faɗin haka, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ba a nan gizo ke saƙa ba.

Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Michigan a Amurka ne suka fi kowa warware zancen. Akwai wata alama da jariri ke yi in ka ɗiga masa zuma ko ruwan sukari a harshe: ya lashi leɓe, fuskarsa ta saki. In ka ɗiga masa abu mai ɗaci ya yamutsa fuska, ya buɗe baki yana kau da kai. Ɓera ma haka yake yi, don haka ana iya auna jin daɗinsa ta kallon bakinsa. Sai suka lalata wa ɓeraye jijiyoyin dofamin kusan gaba ɗaya. Ɓerayen suka daina neman komai. Ga abinci a gabansu amma ba za su taka su ci ba, da ba a ɗura musu da sun mutu da yunwa. To amma in an zuba musu ruwan sukari a baki, sai su lashi leɓe daidai da lafiyayyen ɓera. Daɗin yana nan, neman ne ya mutu. Da aka juya gwajin, aka ƙara wa wasu dofamin, sai suka ƙara himmar neman sukari, amma lasar leɓen ba ta ƙaru ba. A 1993 suka fitar da bayaninsu a kan jarabar ƙwaya bisa wannan rarrabewa.

Shi daɗin kansa, a wasu 'yan ƙananan wurare ake ƙera shi, waɗanda a ƙwaƙwalwar ɓera kowanne bai wuce milimita ɗaya ta kowane ɓangare ba, kuma sinadaran da ke kunna su dangin ofiyom ne da jiki ke yi da kansa, irin su endofin, da wasu masu kama da sinadarin wiwi. Sashen daɗi ƙarami ne, kuma saurin gajiya gare shi. Sashen so kuwa babba ne, ga juriya.

To mene ne aikin dofamin in ba daɗi ba? Wolfram Schultz ya yi shekaru yana sauraren waɗannan jijiyoyi a ƙwaƙwalwar birai, ya kuma bayyana sakamakon a shekarun 1990. In an ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, jijiyoyin su harba. In aka saba kunna masa fitila kafin a ba shi, bayan 'yan lokuta harbawar ta koma kan fitilar, lokacin da ruwan ya iso kuma su yi shiru tunda an riga an san da zuwansa. In aka kunna fitila aka hana ruwan, sai su yi ƙasa da yadda suka saba. Wato dofamin yana koyon alamar da ke zuwa kafin abu, ya manna mata ƙarfin jan hankali. Ka san ɗan kamasho a tasha. Aikinsa ya hango ka daga nesa, ya ɗaga murya, ya karɓe maka jaka, ya tura ka mota. Ko kujerar na da laushi, ko motar za ta kai ka lafiya, ba ruwansa. Haka dofamin yake, kira da turawa ne nasa.

Tramol tana shiga wannan hanya ta bayan gida. In an haɗiye ta, hanta tana juya wani kaso nata ya zama wani sinadari da ya fi ta ƙarfin kama makarɓan ofiyom a ƙwaƙwalwa, wato wuraren da dangin ofiyom ke maƙalewa a jikin jijiyoyi su yi aikinsu, kamar yadda take juya ɗan kason kodin ya zama mofin. Jijiyoyin dofamin suna da wasu jijiyoyi da ke riƙe su kada su yi ta harbawa ba dalili. Sinadarin nan yana kashe wa masu riƙon ƙarfi, dofamin ya kwararo. A lokaci guda kuma yana taɓa waɗancan ƙananan wuraren daɗi kai tsaye. Ƙari a kan haka tramol tana ɗaga sinadaran serotonin da noradirenalin, shi ya sa mai shan ta ke jin kuzari, gajiya ta tafi, saɓanin mai kodin da galibi jikinsa ke mutuwa. Wannan ne ya sa ta samu karɓuwa wurin 'yan kabu-kabu da leburori da masu aikin gona.

Ga inda matsalar take. Abinci ko kuɗi ko yabo, da zarar ƙwaƙwalwa ta gama koyon alamarsu, dofamin ba ya ƙara tashi sosai in sun iso, koyon ya tsaya a nan. Ƙwaya kuwa da hannunta take buɗe dofamin, ko an yi zaton zuwanta ko ba a yi ba. Kowane sha sai ƙwaƙwalwa ta samu saƙon cewa abin nan ya fi yadda aka zata, a ƙara masa daraja, a kuma riƙe duk abin da ke kewaye da shi. In ƙanenka ya sha sau biyu kawai a rana cikin shekara huɗu, ya maimaita wa ƙwaƙwalwarsa wannan darasi kusan sau dubu uku. Kowane sau kuma akwai abin da ke gabansa: ƙarar buɗe katin ƙwaya, ledar ruwan da yake korawa da ita, shayin safe, inuwar da 'yan kabu-kabu ke tsayawa, fuskar abokin da suke sha tare, kuɗin fasinjan farko a tafin hannu. Duk waɗannan sun zama masa fitilar birin nan.

Mutuwar daɗin kuwa daga ƙoƙarin jiki na kare kansa take. Jiki ba ya son a karkatar da shi gefe guda. In ana yawan dannan makarɓan ofiyom, sai su rage jin kira, wasu ma jijiya ta janye su ciki. Ƙwayar da ta ɗaga shi a watan farko ba ta yin komai a wata na shida, sai ya ƙara, jiki ya ƙara rufewa. Bayan haka ƙwaƙwalwa tana tayar da sinadaran da ke ja da baya, irin su dainofin da sinadaran fargaba, waɗanda ke kawo ƙunci da rashin sukuni. George Koob ya yi dogon bincike a kan wannan ɓangare. Muddin ƙwaya na cikin jini, ƙarfin biyun suna kashe juna, mutum ya ji shi daidai kawai. Da ta fara fita sai mai ja da baya ya rage shi kaɗai. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna cewa masu jarabar hodar iblis da giya da makamantansu suna da ƙarancin wani nau'in makarɓan dofamin, an kuma ga irin haka a masu hiroyin. Illar ba ta tsaya kan ƙwaya kaɗai ba. Abinci ya rage ɗanɗano, hira ta zama nauyi, kallon ƙwallo ko wasa da yara ba su motsa shi. In ka lura ƙanenka ya daina jin daɗin abubuwan da a da yake so, daga nan ne.

Za ka ce to ai in haka ne, shi ma son ya kamata ya ragu. Ba ya raguwa, domin canjin da ke samun sa na wani iri ne. Maimaita sha yana sa hanyar dofamin ta zama mai saurin zabura ga ƙwayar da alamominta kaɗai. A zaune kawai, hanyar a sanyaye take, shi ya sa kake ganin sa shiru ba kuzari. Amma da ido ya faɗa kan alama sai ta yi tsalle fiye da da. A ɓeraye an ga wannan saurin zabura yana nan bayan shekara guda da daina ba su ƙwaya, shekara guda kuwa babban kaso ne na rayuwar ɓera. Anna Rose Childress ta haska wa masu jarabar hodar iblis hotunan kayan shan su na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, yadda su kansu ba su san sun gani ba, amma na'ura ta nuna hanyar ladarsu ta motsa. Wannan ke bayyana abin da matasa ke faɗa mana da iyaye ke ɗauka ƙarya ne: wallahi ban yi niyya ba, kawai gani na yi ina gaban mai sayarwa.

Akwai shaida ta wani ɓangaren da ke burge ni ƙwarai. Masu ciwon makyarkyata da ake kira Fakinsin suna rasa jijiyoyin dofamin, ana kuma ba su magungunan da ke maye gurbinsa. Wasu daga cikinsu, dattawa masu kamun kai da ba su taɓa caca ba, sai a ga sun faɗa caca ko sayen kaya ba iyaka ko yawan ci. In an rage maganin abin ya lafa. Halinsu bai canza ba, tarbiyyarsu ba ta zube ba, sashen so ne aka tura wa wuta fiye da kima.

Mu dawo kan ƙanenka. Ban gan shi ba, amma irin wannan tafiya mun san zangonninta. Galibi da ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 ake farawa, wani abokin sana'a ya miƙa maka da rana ta take, ya ce za ta ɗauke maka ciwon baya. Wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, ya san abin da ake nufi da wuni a kan babur daga Tsohuwar Kasuwa zuwa Arkilla. A wannan zango so da daɗi tare suke: yana so, yana sha, yana jin daɗi, yana kuma samun kuɗi fiye da da. Bayan wasu watanni ɗaya ta koma biyu, aka tashi daga mai 100 zuwa mai 225, daɗin ya koma ɗan abin da ke zuwa ya wuce. Zango na uku shi ne inda in ya kwana bai sha ba zai tashi da hamma da majina da hawaye, gaɓoɓi na ciwo, ciki na murɗawa. A nan yana sha ne don ya iya tashi ya fita. Guda huɗu mai 225 kuwa miligiram 900 ke nan, alhali iyakar da likita ke bayarwa ga babba mai lafiyar ƙoda da hanta 400 ne a rana. Ya ninka iyakar, har da ƙari.

Wata biyun da ya yi a ƙauye sun warkar da abu guda. Ciwon janyewa yana farawa cikin kwana guda da shan ƙarshe, ya tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, yawancinsa kuma ya wuce cikin mako guda ko ɗan fiye. Barci ya dawo, cin abinci ya dawo, ga ƙibar da kuka gani. Sashen so kuwa barci kawai ya yi, don babu mai tashin sa. A ƙauyen kawu ba inuwar 'yan kabu-kabu, ba abokin, ba mai sayarwa a lungun da ya sani. Ranar da ya sauka a gari ya hau babur ɗinsa, duk alamomin suka taso masa lokaci guda. Akwai kuma wani abu da ya kamata iyalai su sani. A 2001 Jeffrey Grimm da Yavin Shaham da abokansu suka nuna cewa ɓeran da aka raba da hodar iblis, in an nuna masa alamarta bayan wata biyu, ya fi neman ta fiye da yadda yake yi a rana ta farko. An ga irin wannan a wasu ƙwayoyin, har da ɗan'adam a kan taba sigari. Wato lokacin da kuka ga ya murmure kuka saki jiki, yana iya zama daidai lokacin da alama ta fi ƙarfi a kansa.

Tarihi ma ya nuna ƙarfin wuri. A yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na sojojin Amurka da Lee Robins ta bincika sun ce sun kamu da jarabar hiroyin ko ofiyom a can. Da suka koma gida, kusan biyar cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Su sun bar alamominsu a wata ƙasa. Ƙanenka nasa suna jiran sa a bakin titi.

Yana da amfani ka iya bambance kwaɗayi iri biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Na janyewa yana bin agogo: yana zuwa ne sa'o'i bayan shan ƙarshe, galibi da asuba, kuma a jiki kake ganin sa, zufa, tsigar jiki na tashi, ƙwayar ido ta buɗe, gudawa, rashin barci. Da yake tramol na taɓa serotonin, wasu suna haɗawa da fargaba mai tsanani, ruɗewa, ko jin kamar lantarki na ratsa kai. Na alama kuwa ba ruwansa da agogo. Mutum yana zaune lafiya, waya ta yi ƙara, ya ga sunan wani, sai ka ga ya kasa zama, ƙafa na rawa, hankalinsa ya bar hirar, ya fara neman dalilin fita. Ɓacin rai da rashin barci da yunwa suna ƙara masa ƙarfi, kamar yadda ƙamshin abinci ya fi jan mai azumi da la'asar fiye da bayan ya sha ruwa. Irin wannan yana tashi ne ya kai ƙololuwa ya sauka, sau da yawa cikin abin da bai wuce rabin awa ba, in dai mutum ya bar wurin alamar. Marasa lafiya da yawa ba su san yana sauka da kansa ba, don ba su taɓa jira su gani ba.

Kafin komai, akwai hatsari biyu da nake so ka riƙe. Na farko, juriyar da jiki ya gina wa ƙwaya tana zubewa cikin makonni kaɗan, amma hannu yana tuna adadin da ya saba. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba, ya dawo ya haɗiyi guda huɗu kamar da, jikinsa kamar na sabon shiga ne, numfashinsa na iya tsayawa, musamman in ya haɗa da kodin ko diyazefam ko giya. In ka same shi ba ya farkawa, numfashi a hankali ko yana wani irin minshari, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya canza launi, ka kwantar da shi a gefensa ku nufi asibiti nan take, ka kuma gaya musu abin da ya sha don akwai allurar nalokson da ke karya wannan. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, shaƙe shi za su yi. Na biyu shi ne jijjiga irin ta farfaɗiya. Tramol na jawo ta, hatsarin kuma yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha, sabo ba ya kare mutum daga gare ta. Matashin da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana jijjiga, kafin a ce iska ce a tambaya ko yana shan tramol. Ga wanda sana'arsa a kan babur take da fasinja a baya, ba sai na faɗa maka abin da hakan ke nufi ba.

Saboda haka ban ba da shawarar ku sake yanke masa ita rana ɗaya a gida ba, balle ɗauri ko duka. A kan miligiram 900, ragewa a hankali ƙarƙashin kulawar likita ya fi aminci, a kuma ba shi abin da zai sauƙaƙa masa gudawa da ciwon jiki da rashin barci. Ku kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ya faɗa wa likita gaskiyar adadin da yake sha da duk abin da yake haɗawa, don wasu magungunan ciwon damuwa ba sa jituwa da tramol. A duba kuma ko akwai ciwon baya na gaske ko damuwa a ƙarƙashin shan, don in ba a magance su ba za su ci gaba da tura shi. Ga waɗanda suka yi ta komawa, akwai magunguna irin su bufurenofin da metadon da ke riƙe makarɓan ofiyom a daidai, ba hawa ba sauka, da naltirekson da ke toshe su bayan jiki ya wanke. Likitan da ya gan shi ne zai san wanda ya dace da wanda ake samu.

Babban aikin kuma bayan an sallame shi yake farawa, a nan ne kai za ka fi likita amfani. Ku zauna da shi cikin natsuwa, ba a gaban jama'a ba, ya lissafa maka da bakinsa: wane lokaci, wane wuri, tare da wa, da wane kuɗi, cikin wane hali. Za ka yi mamakin yadda amsar za ta fito dalla-dalla. Abin da za a iya kaucewa a kauce masa a watannin farko: ya canza wurin tsayawa, ya canza layin waya, ya riƙa miƙa maka cinikin rana da yamma maimakon ya kwana da shi a aljihu. In da hali ya ajiye babur na wasu watanni ya kama wata sana'a, ni na fi son haka, ko da samun zai ragu. Abin da ba za a iya kaucewa ba kuma, ku yi masa shiri tun kafin ya zo: in ya taso masa zai kira ka, ko ya yi alwala ya shiga masallaci, ko ya tafi gida kai tsaye, ya ba abin rabin awa. Duk lokacin da alama ta zo ba a bi ta da ƙwaya ba, ƙwaƙwalwa na rubuta sabon darasi a kan tsohon. Tsohon ba ya goguwa gaba ɗaya, shi ya sa wanda ya shekara bai sha ba in ya ce bari ya ɗanɗana guda ɗaya, sau da yawa komai ke dawowa.

Ka kuma yi haƙuri da sanyin jikin da za ka gani. Sashen daɗi yana farfaɗowa, amma a hankali, cikin watanni. A tsakanin nan zai ce maka komai ba ya masa daɗi, kuma gaskiya ne, shi ne ma lokacin da da yawa ke sarewa. Barci a kan lokaci, abinci, motsa jiki, aiki mai tsari, zama da mutanen da yake jin nauyinsu, su ne ke ciyar da wannan sashe har ya tashi.

Duk wannan bayani ba ya nufin ƙanenka ya zama na'ura marar zaɓi. Ba kowane mai sha ne ke kamuwa ba. Gado, da ƙarancin shekaru lokacin farawa, da halin ƙunci, duk suna da hannu. Yawancin gwaje-gwajen da na ambata a kan dabbobi aka yi su, da ƙwayoyi irin su hodar iblis, masana kuma har yanzu suna muhawara kan wanne ya fi nauyi ga masu shan dangin ofiyom, jan alama ko gudun ƙunci. A wurin marar lafiya dai duka biyun muke gani. Goshin ƙwaƙwalwarsa, mai cewa a'a, yana nan yana aiki, sai dai ƙwaya ta raunana shi, kuma a shekara 24 yanzu ne ma yake gama nuna. Shi ya sa nasiha ke shigar sa da daddare ya yi kuka da gaske, da safe kuma ta kasa riƙe shi a gaban mai sayarwa. Ku ci gaba da addu'a da nasiha, amma ku haɗa su da asibiti da rage masa haɗuwa da alamomin. In kuma ya sake zamewa, kada ku jira sai kun tara kuɗi ko sai fushi ya huce, ku mayar da shi wurin likita a cikin makon, ku kuma gaya masa tun yanzu cewa adadin da ya saba sha a da yana iya kashe shi bayan kowane hutu.